Darasi: Shirya wa Tsohuwa Takardun Hajji

A ce mahaifiyar Sani, wadda yake kira Iya, tana da shekara 72, tana da hawan jini da ciwon suga, kuma yana so ya kai ta Makka ta hannun kamfanin jirgin yawo. Jirginsu zai tashi ran 10 ga Mayu. Da ita za mu yi wannan darasi, saboda kusan duk abin da ke hana tsoho tafiya yana faruwa ne tun a gida, kafin a je filin jirgi.

Likita kafin kuɗi

Mutane da yawa suna fara biyan kuɗin kujera, sai daga baya su je asibiti. Ga tsoho, wannan kuskure ne. A Hajjin 2022 Saudiyya ta hana wanda ya haura shekara 65 zuwa, amma a 2023 ta cire wannan iyaka. Yanzu ba shekaru ake dubawa ba, ƙarfin jiki ake dubawa. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta ware cututtukan da ba a yarda mai su ya zo ba: ciwon ƙoda da ya kai ga wankin ƙoda, ciwon zuciya da ke sa mutum haki da ɗan motsi kaɗan, ciwon huhu da sai an sa wa mutum iskar numfashi, hanta da ta gaza aiki, ciwon daji da ake kan maganinsa mai ƙarfi, tarin fuka mai yaɗuwa, da ruɗewar tsufa, wato mutum ya daina gane wuri ko mutanensa.

Hawan jini da suga ba sa cikin waɗannan, muddin magani yana riƙe su. Don haka Iya za ta iya tafiya. Amma Sani ya faɗa wa likita gaskiya, kada ya ɓoye komai don a sa hannu. Idan Iya tana mantuwa har ta ɓata a unguwarsu, to ya tuna cewa tantunan Mina duk farare ne, kamarsu ɗaya. Ga kuma yawan tafiya a ƙafa: sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, ya ɗan haura kilomita 3, ban da ɗawafi.

Likita ya rubuta takarda mai ɗauke da sunan kowane magani da yadda ake shansa. A tafi da magungunan cikin kwalinsu na asali, a jakar hannu, waɗanda za su isa har a dawo. Masu ƙarfi irin tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Saudiyya, ba a shiga da su ba tare da takardar likita ba.

Allurai: a ƙirga kwana da baya

Kowace rigakafi tana buƙatar lokaci kafin ta fara kare jiki, shi ya sa ake duba ranar da aka yi ta.

Ta sanƙarau wajibi ce a kan kowane maniyyaci. Mai kare iri huɗu ake so, wadda ake rubuta ACYW a katinta, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Samfurinta biyu ne: tsohon samfuri yana aiki shekara 3, sabon kuma shekara 5. Idan ba a rubuta samfurin a kati ba, shekara 3 ake lissafa masa. Iya ta yi wannan allura shekara 4 da suka wuce, katinta kuma bai nuna samfuri ba. Ke nan ta ƙare, sai an sake, kuma kada a wuce 30 ga Afrilu. Sani ya roƙi ma'aikacin ya rubuta samfurin, ya buga hatimi.

Ta shan-inna ita ce ke ba mutane mamaki, don suna ɗauka ta yara ce. Wanda ya fito daga ƙasar da cutar ke yawo, ko shekararsa 90, ana so ya karɓa aƙalla mako 4 kafin tafiya, kuma kada ta wuce wata 12. Mako 4 kafin 10 ga Mayu shi ne 12 ga Afrilu. Wannan ce ranar da Sani zai riƙe, ba 30 ga wata ba.

Ta cutar shawara ana neman ta daga ƙasashen da cutar take, cikinsu har da Nijeriya da Nijar da Ghana. Tun 2016 katinta na har abada ne, yana fara aiki kwana 10 bayan allurar. Idan Iya ta taɓa yi, tsohon katin ya isa. Idan ba ta taɓa ba, a tsaya a ji ta bakin likita, saboda wanda ya haura shekara 60 ya fi fuskantar matsala a karon farko. Likitan ne zai auna, ko ya yi mata ko ya rubuta takardar uzuri. Allurar mura da ta korona kuwa ƙa'idarsu tana sauyawa, sai a tambayi ta bana.

Biza da kamfani

Fasfon Iya zai ƙare a Satumba. Ana so ya rage masa aƙalla wata 6, wato ya kai Nuwamba, don haka a sabunta shi kafin kamfani ya shigar da sunanta, tunda biza tana fita ne da lambar fasfo. Sunan da ke katin rigakafi ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Zanen yatsun tsofaffi kuma yakan shafe, na'ura ta ƙi ɗauka, saboda haka kada a bar ɗaukar yatsu sai ranar ƙarshe.

Bizar Hajji tana fitowa ne daga kason kujerun da Saudiyya ta ba kowace ƙasa, ta hannun hukumar alhazai ko kamfani mai lasisi. Bizar ziyara ko ta Umara ba ta halatta aikin Hajji. Duk wanda ya ce wa Sani, "Ka kawo rabin kuɗi, za mu shigar da ita ta bayan fage," to rayuwar Iya yake wasa da ita. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da motar rukuni, a ƙafa yake tafiya cikin rana. A 2025 an sa tarar da ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10.

Sani ya tabbatar da lasisin kamfanin a wurin hukumar alhazai, ya biya a asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ya karɓi rasit. A rubuta cikin yarjejeniya nisan masauki daga Harami, da wanda zai biya keken guragu da mai tura shi, da abin da za a mayar idan likita ya hana tafiya.

Abin da ake yawan mantawa shi ne rukuni. Idan an shigar da Sani da Iya a rukuni dabam-dabam, motarsu da tantinsu da lokacin jifansu duk za su bambanta. Ko suna rukuni ɗaya ma, maza da mata ba sa kwana tanti ɗaya. Sani ba zai iya raka ta banɗaki da dare ba, ba zai ga ko ta sha magani ba. Ya nemi mace a rukunin wadda za ta kula da ita, shugaban rukuni ya san da maganar. Game da katin shaidar alhazai da ake kira Nusuk, ya ce wa Iya, "Iya, wannan katin Nusuk kada ki cire shi daga wuyanki, da shi ake barin ki wuce, da shi za a gano tantinki." Jifa kuwa, mai rauni yana iya wakilta wani, sai Sani ya tambayi malamin rukuni yadda zai yi mata.

Aiki

1. Idan jirgi zai tashi 20 ga Mayu, wace rana ce ta ƙarshe ta rigakafin shan-inna?
2. Ɗauko fasfon wani na gida, ka karanta ranar ƙarewarsa, ka ƙirga watannin da suka rage.