Sikelin Gwaggo da kurakuran awon abinci mai gina jiki

Gwaggona tana sayar da kayan miya a kasuwar Wudil duk ranar Juma'a, sauran kwanaki kuma tana bin ƙananan kasuwannin ƙauye da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da citta. Ƙaramin sikeli mai batir ta saya saboda 'yan birni da ke son citta da kilo. Abin da ya kai sikelin nan kan kwanon abincinta kuwa kasala ce. Kafin la'asar jikinta ya mutu, ga yunwa tana ci alhali ta ci ta ƙoshi da rana. Malamar asibiti ta duba ta, ba ta ga wata cuta ba, sai ta tambayi abin da take ci. Nan ta faɗa mata cewa babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Gwaggo kilo 60 ce, ke nan giram 48. Ni na riƙe mata littafin lissafi, don haka duk tuntuɓen da ta yi a gabana aka yi shi.

Na farkon bai ɗauki lokaci ba. Ta ɗora kwanon samira da tuwo a ciki, ta karanta lambar, ba ta cire nauyin kwanon ba. Gyaransa shi ne a ɗora kwano babu komai, a danna maɓallin TARE har lamba ta koma 0, sannan a zuba abinci. A kuma ajiye sikelin a kan daɓe ko faranti, don a kan tabarma ko yashi lambar rawa take yi.

Da muka gyara wannan, muka auna cin yini guda kamar yadda ta saba: koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwon dawa miyar kuka da dare. Shinkafar ta kai giram 400, amma dafaffiyar shinkafa ba ta wuce giram biyu da rabi zuwa uku na furotin a kowane giram 100, don haka tulin nan bai ba ta fiye da giram 10 zuwa 12 ba. Muka tara duka, aka tashi da wajen giram 30. Ciki ya cika, jiki bai samu rabonsa ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane, wanda kuma ya ci Gwaggo mako guda cur, shi ne haɗa lissafin ɗanye da na dafaffe. Ta ji cewa wake yana da kusan giram 24 a kowane giram 100. Ranar nan ta dafa wake, ta auna giram 200, ta ce da ni: "Ɗan nan, rubuta 48. Yau na gama da magana a kwano ɗaya." Na ce, "Gwaggo, waken da kika zuba a tukunya nawa ne?" Ta nuna mini rabin gwangwanin madara. Muka ɗebo wani rabin muka auna, giram 65. To ina sauran nauyin ya fito? Ruwa ne. Wake yana shan ruwa har nauyinsa ya kusa ninka uku, kuma ruwa ba ya ƙara masa komai. Lambar 24 ta busasshen wake ce. Dafaffe bai wuce 7 zuwa 8 ba. Abin da ta ci a ranar giram 15 ne ko 16, ba 48 ba. Alamar da za ta nuna maka ka faɗa wannan ramin ita ce lissafi ya yi daɗi fiye da kima alhali cefanenka bai canja ba. Hanya mafi tsabta ita ce a auna tun yana busasshe, kafin wanki. Idan tukunyar gida ce gaba ɗaya, a auna abin da aka zuba, a raba da yawan kwanukan da aka kwasa.

Da ta ga haka sai gwiwarta ta yi sanyi, ta ce ai dama gina jiki sai mai kuɗin nama da ƙwai. Wannan ma kuskure ne, kuma 'yar kasuwa ce ta fi kowa saurin gane shi idan aka mayar mata da shi harshen ciniki. Ƙwan kaza ɗaya yana da wajen giram 6. Cikakken gwangwanin wakenta, giram 130, yana da wajen giram 30, daidai da ƙwai biyar. Ba sai an haddace farashi ba, tunda kullum sauyawa yake: a tambayi kuɗin gwangwanin wake, a tambayi kuɗin ƙwai biyar, a ga wanda ya fi sauƙi. Gaskiya ne furotin na ƙwai ya fi cika, kuma ba na so a ɓoye wannan. Amma abin da wake ya gaza a kai, hatsi yana da shi, abin da hatsi ya gaza kuma wake yana da shi. Shi ya sa garau-garau, ɗanwake, da ƙosai da koko suke abinci na hankali tun kafin a zo da sikeli.

Daga nan sai ta zarme. Ta ji waken suya ya fi, wajen giram 36 a giram 100, ta niƙo shi ɗanye tana barbaɗawa a kokon da aka riga aka dama. Kwana biyu cikinta ya kumbura, ga gafin da ya ɓata kokon. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da furotin, kuma wuta ce ke kashe shi. Sai an dafa shi sosai, ko a soya shi a kasko har ya yi ja ya yi ƙamshi kafin niƙa, ko a yi awara. Shi kansa waken gida, wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, ya jiƙa shi tun dare ya zubar da ruwan jiƙon. Jiƙon yana rage iska, yana kuma rage buƙatar zabga kanwa, wadda yawanta ke lalata wasu sinadaran bitamin.

Abin da ya zauna mata a ƙarshe yana nan rumfar da ke kusa da tata: ƙuli-ƙuli. Tunda an matse man gyaɗar, abin da ya rage furotin ɗinsa yana kai giram 40 a giram 100. Ta auna giram 30, ɗan abin da tafin hannunta ke ɗauka, ya ba ta wajen giram 12. Sai dai a nan akwai abin kiyayewa da ya fi lissafi nauyi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ƙuli mai ɗaci ko warin rima, a bar shi ko da kyauta ne. Gwaggo wurin mace ɗaya take saye, wadda ta ga tana tsince gyaɗarta da idonta.

Yanzu tsarinta ke nan. Rabin gwangwanin wake yana shiga shinkafar rana, ita shinkafar an ɗan rage ta. Bayan la'asar ta daka ƙulinta ta kwaɗa zogale, ko ta ci shi haka nan da ruwa idan ciniki ya yi zafi. Jimilla tana kai giram 53 zuwa 55. Mai ciki da mai shayarwa buƙatarsu ta fi ta Gwaggo, mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara ko cokali ɗaya sai likitansa ya yarda.

Bayan mako uku ta daina ɗora abinci a sikeli. Ta karce gwangwanin da ƙusa daidai rabinsa, ta ware wani ɗan kofin roba da ke cin giram 30 na dakakken ƙuli, ta mayar da sikelin cikin buhun citta. Sai ranar da ta sayo wani irin wake, manya farare, ta sake fito da shi. Rabin gwangwanin ya ba da giram 60, ta ƙara 'yan ƙwayoyi a kai ta kai tukunya.