Shawara ga masu zanen talla: yadda ake nuna aiki a jeren hotuna

Idan za ku nuna aikin da kuka yi wa kwastoma a Instagram, kada ku fara da sabon tambarin. Hoto na farko ya zama matsalar: misali takardar kwalbar zobo da rubutunta ja kan ja, ba ya karantuwa daga nesa. Na biyu da na uku su nuna zanen fensir da launukan da kuka gwada, har da wanda aka ƙi da dalilin ƙinsa. Nan ne mai son ba ku aiki yake ganin tunaninku. Na ƙarshe kuwa, kwalbar a firij ɗin shago, ba a kan farin allo ba.

Girman hoto 1080 × 1350. Ku nisanta rubutu daga gefe, don ana yanke shi a shafinku. Kuma ku nemi izinin kwastoma tukuna, wasu ba sa so a ga tsohon tambarinsu.