Kurakuran da aka fi yi game da barci, da yadda za a gyara

Kuskuren farko shi ne ɗaukar barci kamar abu guda daga kwanciya har asuba. Idan aka liƙa wa mai barci wayoyin auna wutar ƙwaƙwalwa, ana ganin zagaye ne na kusan minti 90. Da gyangyaɗi ake farawa, igiyar wutar na kaɗawa sau 4 zuwa 7 a sakan. Sai barci mara nauyi, wanda ke cin kusan rabin dare. Sai mai nauyi, inda igiyar ke yin girma tana tafiya a hankali, sau 2 ko ƙasa da haka. Daga nan sai barcin motsin ido, wanda agogon hannu na zamani ke rubutawa REM: ido na yawo a ƙarƙashin fata, igiyar kuwa kamar ta wanda yake farke. Masana biyu, Aserinsky da Kleitman, ne suka gano shi a 1953, kuma a cikinsa ake yawancin mafarkin da ake tunawa.

Matakan ba su rabu daidai ba, a nan ake asara. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na motsin ido kuwa sai gab da asuba yake tsawo. Ɗauki telan Kasuwar Barci ta Kaduna a makon Sallah: ya kwanta ƙarfe 1, ya tashi ƙarfe 5. Mai nauyin ya samu. Na motsin idon kuwa sau biyu kawai, na farkon bai wuce minti 10 ba, wajen 2:30. Dogayen na rabin awa sun wuce shi. Gyaran shi ne ya kwanta ƙarfe 10. In aiki ya hana, ya koma na minti 90 bayan sallar asuba, domin lokacin jiki ya fi saurin shiga wannan mataki.

Dannau ma daga nan yake. A barcin motsin ido ƙwaƙwalwa na sandarar da gaɓoɓi, shi ya sa mutum ba ya aikata abin da yake mafarki. In hankali ya farka kafin ta sake su, sai a ji nauyi a ƙirji, a kasa motsi. Numfashi bai tsaya ba, kuma abin kan wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine ke ƙara shi, don haka a kwanta ta gefe. In yana yawaita tare da barcin rana mai fin ƙarfi, a ga likita.

Wani kuskuren shi ne yanke hukunci kan amfanin barcin motsin ido. Masana na ganin yana taimaka wa ajiye abin da aka koya, da sassauta zafin abin da ya sosa rai, da ginin ƙwaƙwalwa, tunda kusan rabin barcin jariri wannan ne, na babba kuwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Har yanzu hasashe ne. Abin da ya tabbata shi ne in aka hana mutum shi, a daren da ya samu sarari jikinsa kan rama da ƙari.