Darasi: Gano farashin makon da ba a rubuta ba

Wata Hajiya mai sayar da wake a Aboabo, nan Kumasi, tana rubuta kuɗin olonka a littafi. Mako na 1 sidi 20, mako na 2 sidi 26, mako na 4 sidi 32. A mako na 3 ta yi tafiya, ba ta rubuta ba. Muna son ƙa'idar lissafi da za ta dace da farashin nan uku, ta ba mu kiyasin na makon da aka tsallake.

Hanyar Newton da rabon bambanci take aiki. Ka ɗebe farashin baya daga na gaba, ka raba da tazarar makonnin: (26−20)/(2−1) = 6, sannan (32−26)/(4−2) = 3. Sai ka hau mataki na biyu, ka ɗauki bambancin waɗannan amsoshi, ka raba da tazarar da ke tsakanin mako na 1 da na 4: (3−6)/(4−1) = −1. Ga ƙa'idar, inda x ke nufin lambar mako, P(x) kuma farashin:

```
P(x) = 20 + 6(x−1) − (x−1)(x−2)
```

Sa 3 a gurbin x, za ka samu sidi 30.

Hanyar Lagrange kuwa, kowane farashi da nasa kason. Na sidi 20 shi ne 20(x−2)(x−4)/3, wato a sama ka ɗebe sauran makonnin biyu daga x, a ƙasa kuma ka ɗebe su daga makonsa, (1−2)(1−4) = 3. Haka sauran biyun. Ka tara su a mako na 3, 30 ɗin dai za ka samu, domin ƙa'idar guda ce, shigarta ce kawai ta bambanta.

To, sai mako na 5 ya zo, wake ya kai sidi 38. A nan hanyoyin suka rabu. Mai bin Lagrange sai ya rushe kason nan uku ya sake su, ya ƙara na huɗu. Mai bin Newton ciko kawai zai yi, kamar mai ƙara ɗaki a gidan gado: (38−32)/(5−4) = 6, sai (6−3)/(5−2) = 1, sai (1−(−1))/(5−1) = 0.5. Ya liƙa 0.5(x−1)(x−2)(x−4) a ƙarshen ƙa'idar. Wannan cikon sifili ne a mako na 1 da na 2 da na 4, shi ya sa bai taɓa aikin baya ba. Kiyasin mako na 3 ya sauko zuwa 29.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen rabawa, sai su sa 5−4 inda ya kamata 5−2. Gane kuskuren ba wuya: sa 5 a ƙa'idarka, in 38 bai fito ba, koma ka duba.

Kada kuma ka yi hasashen gaba da ita. Ƙa'idar farko ta ce 32 a mako na 5, kasuwa ta ce 38. A mako na 10 ma sidi 2 take cewa, wanda Hajiya ko a mafarki ba za ta sallama ba.

Aikin gida: a mako na 6 wake ya kai sidi 41. Nemo cikon da za a ƙara.