Darasi na Bakwai: Jan Lalle, Baƙin Lalle, da Yadda Za Ki Saya

Lalle ganye ne. Ana tsinko shi daga bishiyarsa, a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe. A cikin ganyen akwai wani launi da Allah ya halitta, wanda yake kama fata da farce da gashi. Launin nan iri ɗaya tak yake bayarwa. Yana farawa da ruwan lemo, sannan ya nuna ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa. A tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata take da kauri, ya fi yin duhu. A bayan hannu da damtse ya fi haske. Babu wata bishiyar lalle da ganyenta yake ba da baƙi wuluk. Idan kika ga zane ya fito baƙi ƙirin a bayan hannu, wani abu aka sa, ko a cikin lallen, ko a madadinsa.

Lalle na gaskiya ba ya sauri

Wadda ta taɓa kwana da hannu a zunguru ta san wannan. Idan aka kwaɓa garin lalle da ruwa ko ruwan lemon tsami, sai an rufe shi an ajiye na wasu awoyi kafin launin ya saku. Da zafin bazara a Zariya, kwaɓin safe yakan isa amfani da yamma. Da hunturu gara a bar shi ya kwana. Ana sa ɗan sukari don ya manne a fata, kada ya bushe ya zube da wuri. Bayan an zana, sai ya zauna a jiki awa 4 zuwa 6, ko ma fiye. Da an kankare shi za ki ga ruwan lemo mai haske, har wata ta ce bai kama ba. Ya kama. Iska ce take nunar da shi, kuma sai bayan kwana 2 yake kai ƙarshen duhunsa. Daga nan ya yi mako 1 zuwa 3 yana kodewa a hankali, yayin da fatar sama take sabuntawa.

Saboda haka amaryar da take son jan lallenta ya yi kyau ranar ɗaurin aure, a yi mata kwana 2 kafin ranar. Wasu masu komawa ga baƙi, lokaci ne ya ƙure musu.

Abin da ke cikin baƙin lalle

Abin da masu ƙunshi suke kira dayis rinin gashi ne. Sinadarin da ke cikinsa ana taƙaita sunansa da haruffa uku: PPD. Wani lokaci gari ne baƙi ko ruwan toka, wani lokaci dunƙule ne da ake niƙawa. Ana kwaɓa shi da ruwa, wasu su ƙara haidirojin don ya kama nan take. Cikin minti 20 zuwa awa 1 an gama, an wanke, zane ya fito baƙi siɗik. Sau da yawa ko ƙwayar garin lalle babu a ciki.

Ana sa PPD a rinin gashi, shi ma da iyaka. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin da aka haɗa ba, kuma ba a yarda a zana shi a fata ba. Wanda ake kwaɓawa a murfin roba ranar jajiberin Sallah kuwa, babu mai auna shi. Da ido ake zubawa, kuma idan aka ƙara yawa ya fi baƙi, masu zuwa sun fi yabawa.

Ga inda matsalar take, kuma a nan nake son ki tsaya ki karanta sau biyu. Illar PPD ba ta cika fitowa ranar da aka zana ba. Sinadarin yana ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta riƙe shi. Wannan koyon yana ɗaukar kwanaki. Ga wadda jikinta bai taɓa ƙin sa ba, ƙaiƙayi da ƙuraje sukan fito ne tsakanin kwana 4 zuwa 14. Ga wadda jikinta ya riga ya gane shi, cikin kwana 1 zuwa 3 suke fitowa, kuma sun fi tsanani. Ba kowa ke kamuwa ba. Wata za ta yi sau da yawa lafiya lau, sai a wani zuwan jikin ya juya. Idan kuwa ya juya, yawanci ya juya ke nan har ƙarshen rayuwa.

Mu ɗauki misali. Wata budurwa a Tudun Wada aka yi mata zanen fulawa na baƙi daga yatsu zuwa gwiwar hannu, ana gobe bikin yayarta. Biki ya tashi lafiya. Ranar kwana 9, baƙin ya fara kodewa, sai wurin ya soma ƙaiƙayi da dare. Washegari ya yi ja ya kumbura. Kwana 2 bayan haka ƙananan bororo masu ruwa suka jeru. 'Yan gida suka ce ko sabon sabulu ne, ko wani abu ta ci, tunda ƙunshin ya daɗe. Amma da za su duba da kyau, kumburin yana bin zanen ne layi-layi: inda aka ja ganye, kumburin siffar ganye ne, inda aka ɗiga ɗigo, bororon a kan ɗigon yake, fatar da ke tsakani kuma lafiyarta ƙalau. Sabulu ba ya zana fulawa. Bayan ya warke, zanen zai iya zama a hannunta watanni, ko ya yi fari-fari ko ya fi sauran fatar duhu, wani ma ya bar tabo. Babban haɗarin yana gaba. Ranar da ta rina gashinta da baƙin rini, fatar kanta da fuskarta da idanunta za su iya kumbura sosai har a kwantar da ita. Wasu masu irin wannan larura har baƙar roba da rinin wasu tufafi suna tayar musu da ƙaiƙayi.

Shi ya sa maganar "bari a ɗan ɗiga miki a gwada" ba ta da amfani a nan. Gwajin minti 10 ba zai nuna abin da zai fito bayan kwana 10 ba, kuma ɗigon gwajin kansa zai iya zama wanda ya koya wa jiki ƙin sinadarin.

A kasuwa

Ko a kasuwar Sabon Gari kika je, ko ta cikin birni, ko Samaru, abin da ya fi aminci shi ne busasshen ganyen lalle ki daka da kanki. Idan gari za ki saya, ki buɗe ki duba. Garin lalle kore ne mai ɗan duhu kamar na kuka, kuma ƙanshin busasshen ganye yake yi. Wanda ya yi kore shar fiye da kima, mai yiwuwa an ƙara masa launi don a ɓoye tsufansa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya daɗe, ba zai kama sosai ba. Wanda yake baƙi ko ruwan toka, ba lalle ba ne.

Sai kwaɓaɓɓen lalle na cikin leda mai tsini, wanda ake shigowa da shi daga waje. Ki yi tunani a kan wannan: lallen da kika kwaɓa a gida, idan ba a firji yake ba, cikin 'yan kwanaki ƙarfinsa ya tafi. To wanda ya yi watanni a kan tebur cikin zafin shago, amma har yanzu yana kamawa cikin minti 15, me ke riƙe da shi? Ko da ja yake bayarwa, rini ne da magungunan hana lalacewa. Ki matsa kaɗan a kan farar takarda, ba a fatarki ba. Lalle na gaskiya kore ne mai ruwan ƙasa, yana barin tabon ruwan lemo. Idan ya fito baƙi, ko shuɗi-shuɗi, ko ja jawur kamar jan baki, ki ajiye. Ki sansana kuma. Warin kananzir, ko fetur, ko wari mai hawa kai irin na rinin gashi, duk dalilin fasa saye ne.

Ga inda karatunmu zai yi aiki. Ki juya kwalin ki nemi jerin abubuwan da aka haɗa. Sunan lalle a rubuce shi ne Lawsonia inermis. Idan kika ga PPD, ko doguwar kalmar p-Phenylenediamine, ki mayar. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sai dai ki sani, kwali yana iya yin shiru a kan abin da ke ciki, kuma hoton ganye a jiki ba shaida ba ne. Kwalin da babu jerin komai, babu sunan kamfani, ni dai ba zan saya ba.

Wajen mai ƙunshi, tambaya biyu sun isa, kuma ba rashin kunya ba ne.

"Anti, don Allah wannan minti nawa yake yi kafin a wanke?"

"Ai yanzu-yanzu ne, kafin ki gama hira ya kama."

"To da an wanke wane launi zai fito?"

Idan ta ce baƙi, dayis ne. Sai ki ce, "Anti, ja nake so, ga garina na zo da shi." Kada a bari ta yi amfani da ledar ko kwanon da ta kwaɓa baƙin a ciki. Masu ƙunshin ma abin ya shafe su, don su ne yatsunsu suke cikin dayis tun safe har dare.

Idan ya riga ya faru

A wanke wurin da ruwa da sabulu mai laushi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada a fasa bororon, kada a goge da bilic ko lemon tsami, kada a shafa man goge baki ko man sa hasken fata. A je asibiti, a faɗa wa likita cewa baƙin lalle aka yi da ranar da aka yi, a tafi da kwalin idan akwai. Likita yakan ba da man shafawa mai kwantar da kumburi da maganin ƙaiƙayi, da maganin ƙwayoyin cuta idan wurin ya yi mugunya. Idan fuska ko leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ba a jira gari ya waye: a nufi asibiti mafi kusa, ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.

Dayis guba ne idan ya shiga ciki. Yana kumbura wuya ya toshe numfashi, yana lalata ƙoda. A ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma kada a zuba shi a robar da ta yi kama da ta abinci. Jarirai kuwa, ko jan lallen ma kada a shafa musu. Akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda take da yawa a Najeriya, musamman a yara maza. Ga jariri mai ita, lalle zai iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da ita ba.

Aikin gida

Ki rubuta haruffan PPD a littafinki sau 5. Sannan ki nemo kwalin lalle ko na rinin gashi a gidanku ko maƙwabta, ki kwafo jerin abin da aka rubuta a bayansa, ki zo da shi aji mu karanta tare.