Darasi na Tara: Takardar Haraji Ta Zo Bayan An Sayar da Fili

Karanta wannan labari a hankali. Misali ne, amma lissafin da ke cikinsa shi ne wanda ake yi a ofishin haraji.

Wani tela ya sayi fili a bayan gari a shekarar 2016. A watan Maris na 2025 ya sayar da shi naira 9,000,000. Bayan wasu watanni sai ga takarda daga hukumar tara haraji ta jiharsa. Ɗansa ya karanta masa, ya ce ana bin sa naira 900,000, harajin ribar sayar da kadara. Tela ya yi shiru, domin kuɗin filin ya riga ya shige ginin gida.

Kafin mu je ga abin da ya yi, mu san wane irin haraji ne wannan. A Najeriya an kafa dokar harajin ribar kadara a 1967. Idan mutum ya sayar da fili ko gini, gwamnati tana da kaso a cikin ribar da ya ci. Ga cinikin da aka yi kafin ƙarshen 2025, kason shi ne kashi 10 cikin 100. Mutum ɗaiɗai yana biya ga hukumar haraji ta jiha, kamfani kuma ga ta tarayya.

A riƙe kalmar nan da kyau: riba. Harajin a kan riba yake, ba a kan kuɗin ciniki gaba ɗaya ba. Mai sayar da gyaɗa ya san uwar kuɗi daban, riba daban. Haka yake a fili.

To daga ina naira 900,000 ta fito? Kashi 10 cikin 100 na 9,000,000 ne. Hukuma ta ga kuɗin da aka sayar da filin, watakila lokacin da mai saye ya je canja suna a takardar mallaka. Amma ba ta ga nawa tela ya saya ba, ba ta ga abin da ya kashe a kai ba. Shi kuma bai kai mata bayani ba bayan ciniki, alhali doka ta ɗora wa mai sayarwa ya kai da kansa. Idan aka rasa bayani, doka ta yarda jami'i ya yi ƙiyasi da abin da ke gabansa. Ƙiyasin nan ba hukuncin ƙarshe ba ne, sai fa idan mutum ya yi shiru.

Kwana 30

Abu na farko da za ka duba a takardar shi ne kwanan wata. Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka domin ka rubuta cewa ba ka yarda ba. Rubuta ranar da ka karɓa a bayan ambulan, kada ka yar da shi. Idan kwanakin suka wuce ba ka ce komai ba, kuɗin da aka rubuta yana iya tabbata a kanka, sannan tara da kuɗin ruwa su biyo baya. Zuwa ofis ka yi bayani da baki bai wadatar ba, ko da jami'in ya saurare ka da fara'a. Sai a rubuce.

Abin da ake cirewa

Tela ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, shi da ɗansa suka zazzage takardu a kan tabarma. Suka raba su kashi uku.

Kashin farko na saye ne. Akwai takardar ciniki ta 2016 mai hannun mai sayarwa da shaidu da hatimin mai unguwa, ta nuna naira 2,000,000. Akwai la'adar dillali naira 100,000, da kuɗin safiyo da rajistar takardu naira 150,000. Duk waɗannan ana lissafa su cikin uwar kuɗi.

Kashi na biyu na abin da aka ƙara wa filin ne, kuma nan ne ake yawan saɓani. Ƙa'idar ita ce: aikin ya ƙara wa filin daraja, kuma yana nan ana ganinsa ranar da aka sayar. Tela ya kewaye filin da katanga a 2018, ta ci naira 900,000. Ya haƙa rijiyar burtsatse a 2020, naira 650,000. Mai saye ya tarar da su duka biyu, har sun sa ya ƙara kuɗi, don haka sun shiga lissafi.

Amma akwai rumfar kwano da ya taɓa yi da naira 200,000, iska ta kwashe ta da damina tun kafin ciniki. Rasit ɗinta yana nan, rumfar ce babu. Ba ta shiga. Haka kuɗin da yake ba yara suna sare ciyawa duk shekara, da na mai gadi. Waɗannan kuɗin kula ne na yau da kullum, ba su mayar da filin wani abu da ya fi yadda yake ba. Tela ya so ya cusa su, ɗansa ya ce, “Baba, idan muka sa abin da bai cancanta ba, za su fara shakkar na gaskiyar ma.” Yaron ya yi daidai.

Kashi na uku na sayarwa ne: la'adar dillali naira 450,000, da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya naira 150,000. Da a ce wani ya taɓa yi masa rigima a kan filin har ya kashe kuɗi a kotu wajen kare mallakarsa, wannan ma da an cire.

Lissafi

Ɗauki fensir ka haɗa tare da mu.

Kuɗin saye: 2,000,000
La'adar saye: 100,000
Safiyo da rajista: 150,000
Katanga: 900,000
Rijiya: 650,000
La'adar sayarwa: 450,000
Lauya: 150,000
Jimla: 4,400,000

Cire 4,400,000 daga 9,000,000. Saura 4,600,000. Wannan ita ce riba a idon doka. Kashi 10 cikin 100 nata shi ne naira 460,000. An nemi 900,000, abin da ya wajaba 460,000, bambanci 440,000. Ka lura, a wannan lissafi kowane rasit na naira 100,000 yana sauke wa tela naira 10,000.

Wani zai ce ai miliyan biyun 2016 ta fi ta yanzu ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma wannan lissafin ba ya duba faɗuwar darajar naira. Lambar da ke kan takarda ita ake cirewa.

Idan rasit ya ɓata

Katangar nan ta kusa ba tela wahala. Yana da rasit na bulo da siminti da yashi, naira 600,000. Kuɗin magina kuwa, naira 300,000, hannu da hannu ya biya, ba takarda. Wa yake neman rasit wajen magini?

Ga abin da ya yi. Ya je banki ya nemi a buga masa bayanin asusunsa na watannin da aka yi ginin, ya ja layi a ƙarƙashin ranakun da ya ciri kuɗi. Ya nemo maginin, ya rubuta masa takarda cewa shi ya gina katangar, a wata kaza, a kan kuɗi kaza, ya sa hannu. Ya haɗa da hotunan katangar. Wasu kuma sukan ƙara da takardar rantsuwa daga kotu. Waɗannan shaidu ba su kai rasit ƙarfi ba, jami'i yana iya karɓa, yana iya ragewa. Idan aka ƙi su gaba ɗaya, ribar tela za ta koma 4,900,000, harajin kuma 490,000. Abin da ba a yi, ko kusa, shi ne zuwa shago a rubuto sabon rasit da tsohon kwanan wata. Wannan jabu ne, laifinsa ya fi harajin nauyi.

Akwai wata al'ada da ya kamata a faɗa. Wasu idan sun sayi fili sukan sa a rubuta kuɗi kaɗan a takarda domin kuɗin rajista ya yi sauƙi. Da tela ya sa an rubuta 500,000 maimakon 2,000,000, to ranar sayarwa 500,000 ɗin za a cire masa, ya biya harajin ribar da bai ci ba, naira 150,000 ƙari.

Wasiƙar

Ba a son doguwar wasiƙa. Ga yadda tela ya faɗa wa ɗansa, shi kuma ya rubuta:

“Zuwa ga Shugaban Hukumar Tara Haraji ta Jiha. Ranka ya daɗe, na karɓi takardarku mai lamba kaza a ranar kaza, wadda ta nemi in biya naira 900,000 a kan filin da na sayar. Ban yarda da wannan ƙiyasi ba, domin an ɗora harajin a kan kuɗin ciniki duka, ba a cire uwar kuɗi ba. Na sayi filin naira 2,000,000 a 2016. Abin da na kashe wajen saye da ingantawa da sayarwa, haɗe da kuɗin saye, ya kama naira 4,400,000. Ribata naira 4,600,000 ce, harajin da na yarda yana kaina naira 460,000. Na haɗo kofen takardun shaida, kowace da lambarta. Ina roƙon a gyara ƙiyasin.”

Daga ƙasa sai sunansa, adireshinsa, lambarsa ta biyan haraji, da sa hannu ko dangwale. Takardun hukuma galibi da Turanci suke zuwa, saboda haka idan za a juya maka wasiƙar, ka sa a karanta maka lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu.

Kofe ake kai wa, na asali ya zauna a gida sai an nemi gani. Yi kofe biyu na wasiƙar, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a ba ka. Wannan hatimin ne shaidarka cewa ka amsa cikin kwana 30. Kuɗin da ka yarda da shi kuma ka biya ta banki a asusun gwamnati, ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa kowa a hannu. Idan hukuma ta ƙi gyarawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma tana da nata wa'adin na kwana 30.

Daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta fara aiki. Kashi 10 ɗin nan ya kau, yanzu ana haɗa ribar mutum da sauran kuɗin shigarsa, a yanka haraji hawa-hawa, mafi yawa kashi 25 cikin 100. Cire uwar kuɗi kafin a yanka haraji yana nan yadda yake. Don haka ka duba shekarar da ka yi cinikinka kafin ka yi lissafi.

Aikin gida

1. Wata mata ta sayi fili naira 1,500,000, ta yi katanga da 700,000, ta sayar a 2024 a kan 5,000,000, ta ba dillali 250,000. Nawa ce ribarta? Nawa ne harajinta?
2. Me ya sa rijiyar tela ta shiga lissafi, rumfarsa ba ta shiga ba?
3. Takarda ta iso maka ranar 4 ga Yuni. Wace rana ce ta cika kwana 30?
4. Kwafi wasiƙar tela a littafinka, ka canja lambobin da na matar da ke tambaya ta farko.