Yadda na kwashe komai daga tsohuwar wayata zuwa sabuwa

Lambobin mutane su ne suka fi ba ni wahala, na bude sabuwar waya na sa imel dina na Google sai na ga rabin lambobin babu. Ashe da yawansu a kan katin SIM da cikin wayar kanta aka ajiye su, kuma wadanda ke cikin asusun Google ne kadai suke bin mutum. Na koma tsohuwar na shiga Contacts na yi Export, ya fitar da fayil mai karewa da .vcf, na tura shi sabuwar na yi Import cikin asusun Google, nan take suka cika.

Hotuna kam Google Photos ya dauke su amma fa kyautar 15 GB ce kawai kuma tare da Gmail da Drive ake cinta, bidiyon biki sun cinye tawa, shi ya sa na kwashe manyan a kwamfuta da kebul, ga kuma tsadar data.

WhatsApp nasa daban ne, a tsohuwar ka shiga Settings, Chats, Chat backup ka danna Back up ka jira ya gama. A sabuwar dole lambar waya daya da imel daya, idan ya nuno Restore kar ka kuskura ka tsallake don ba zai sake tambaya ba sai ka goge shi ka sake sakawa. Sakonnin tes kuwa Backup na Google da ke cikin Settings ne ya dawo min da su lokacin saita sabuwar. Sai da na duba komai ya iso sannan na cire imel dina na goge tsohuwar.